In An Miƙo Maka Lasifika a Zaman Makokin Dattijo

A ƙasar Hausa ba a yin dogon jawabi a kan gawa. In mutum ya cika da asuba, sau da yawa kafin azahar an yi masa wanka, an suturce shi, an sallace shi, an kai shi makwancinsa. Sallar kanta kabbara huɗu ce a tsaye, ba ruku'u ba sujada. A maƙabarta kuwa abin da ake ji bai wuce 'yar nasihar liman da addu'a ba, sai sanarwar cewa duk mai bin mamacin bashi ya nemi iyalinsa. Maganar halin mamaci sai an dawo gida, an kafa rumfa, an shimfiɗa tabarmi, jama'a sun fara zuwa gaisuwa. A gidaje da yawa ranar uku ce ake haɗuwa sosai, dangi na nesa sun iso, abokan aiki da almajirai sun hallara, a yi addu'a a tashi daga zaman.

Malamai sun sha bamban a kan wannan taro. Wasu suna ganin ware ranar uku da ta bakwai da ta arba'in bidi'a ce, kuma wannan ra'ayi ya ƙara ƙarfi tun bayan kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Wasu kuma suna ɗaukarsa addu'a da sadaka ga mamaci. Amma ko a gidan da ba a yin sadakar uku, magana ba ta ƙin tasowa. Tawaga za ta zo daga kasuwa ko daga makarantar da marigayin ya koyar, ɗaya daga cikinsu ya yi magana da yawun sauran, wani daga dangi ya mayar da godiya. Hausawa Kirista ma suna karanta tarihin rayuwar mamaci a coci kafin a kai shi. Ko ta wace hanya, wata rana lasifikar za ta iso hannun mutumin da bai taɓa shirya wa hakan ba, kuma wanda ya rasu ɗin ubansa ne, ko malaminsa, ko maƙwabcin da ya riƙe unguwa shekara da shekaru.

Abin da nake so mai wannan nauyi ya riƙe shi ne, aikin da aka ba shi shaida ce. Hausawa na cewa shaidar duniya ita ce ta lahira, kuma maganar tana da tushe. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa an taɓa wucewa da wata gawa, sahabbai suka yabe ta da alheri, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ta tabbata. Aka wuce da wata, suka ambace ta da sharri, ya sake cewa ta tabbata. Da Umar ya nemi bayani, sai ya bayyana masa cewa Aljanna ce ta tabbata ga na farko, wuta ga na biyu, domin su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Wanda ya san haka ba zai ɗauki jawabin ta'aziyya a matsayin wurin gwada iya magana ba. Mai ba da shaida abin da ya gani yake faɗa, kuma ya san za a tambaye shi.

Daga nan ne matsalar yawancin jawabanmu take farawa. Ka saurari goma, tara za ka ji an ce babban bango ya faɗi, an bar giɓin da ba mai cike shi, marigayin mutum ne mai haƙuri, mai son zumunci, mai son addini, uban marayu. Ba ƙarya aka yi ba, wataƙila. Sai dai kalmomin an yi wa kowa su, har sun daina nuna kowa. Akwai gwaji mai sauƙi da mai magana zai yi wa kansa tun a gida: ya cire sunan marigayin daga jawabin, ya sa sunan wani dattijon unguwar da ya rasu bara. In jawabin ya zauna daram ba tare da an canza komai ba, to bai faɗi komai a kan wannan mamacin ba. 'Ya'yansa za su ce amin, su yi godiya, amma ba za su ji an ambaci ubansu ba.

Maganin wannan shi ne aiki guda da aka gani da ido. Maimakon a ce mai son zumunci ne, a faɗi cewa duk ƙaramar salla sai ya hau mota ya je ƙauye gaida ƙanwar mahaifiyarsa, har shekarar da ƙafa ta hana shi. Maimakon a ce mai gaskiya ne, a faɗi ranar da aka ba shi ajiyar kuɗin masallaci ya dawo da su da takardar lissafi, har da canjin da kowa ya manta. Aiki biyu ko uku irin wannan sun isa. Su ne suke sa wanda ke zaune a bayan rumfa ya gyaɗa kai ya ce ƙwarai kuwa, haka Baba yake. Wannan gyaɗa kan shi ne alamar shaida ta karɓu, domin jama'a sun sa hannu a kanta.

Wannan ba sabon salo ba ne a wajenmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta bar marsiyyoyi da dama a cikin rubuce-rubucenta na Larabci da Fulatanci da Hausa, waɗanda Jean Boyd da Beverly Mack suka tattara suka buga a 1997. Da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, mutumin da ya jagoranci yaƙe-yaƙe masu yawa, abin da ta fi tsayawa a kai a marsiyyarsa shi ne iliminsa da halinsa da yadda yake taimakon jama'a. Da ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo, ta ambaci ayyukan da ya riƙa ɗawainiya da su, irin su kula da masallacin Shehu da karɓar baƙi da riƙe dangi. Abin da ya fi burge ni shi ne ba manya kaɗai ta yi wa ba. Ta yi wa wata baiwar Allah mai suna Zaharatu, wadda aikinta shi ne zama da mata a lokacin naƙuda da wankan gawa. Asma'u ta ga waɗannan ayyuka sun cancanci a rubuta su kamar yadda aka rubuta na sarki. Mai jawabi a yau yana iya koyon wannan daga gare ta: ya nemi abin da mutumin ya yi da hannunsa, ko da ba shi da sarauta ko muƙami.

Sai batun baƙin ciki, wanda a nan ne mutane suka fi rikicewa. Akwai masu ganin cewa imani shi ne mutum ya bushe ido, ya yi magana kamar mai karanta sanarwa, kada a ce bai yi tawakkali ba. Akwai kuma waɗanda da zarar sun karɓi lasifika sai su ɓarke da kuka, su tayar wa iyalin mikin da ya fara lafawa, har a jiyo kururuwa daga cikin gida. Sunna ta bi tsakani. Lokacin da Ibrahim ɗan Annabi yake gargara, yana jariri bai kai shekara biyu ba, idanun Annabi sun zubar da hawaye, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki. Sai ya nuna masa cewa wannan jinƙai ne, ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma baki ba ya furta sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Ita ma Asma'u, a marsiyyar da ta yi wa aminiyarta A'isha, ba ta ɓoye hawayenta ba, ta kafa hujja da cewa kururuwa aka hana, ba hawaye ba.

Saboda haka mai magana yana da damar ya ce rashin nan ya yi masa ciwo, kuma ya faɗi inda yake masa ciwon. Jimla biyu ko uku sun wadatar. In murya ta sarƙe, ya yi shiru, ya yi salati, ya ja numfashi. Ba wanda zai ga laifinsa, jama'a ma za su cike shirun da addu'a. Abin da bai kamata ba shi ne kalaman da ke jayayya da hukuncin Allah ko suke yanke wa iyali ƙauna: mun shiga uku, wa zai riƙe mu, gidan nan ya mutu, mutuwa ba ta yi mana adalci ba. Matar marigayin tana cikin gida ta fara takabar wata huɗu da kwana goma, lasifika kuma tana kai mata kowace kalma. In aka ce gida ya rushe, ita da ƙananan yaranta ake gaya wa.

Ƙari a yabo shi ma haɗari ne, kuma ya fi kuka saurin shigowa, domin kowa yana ganin kyautatawa ce. A ranar da Ibrahim ɗin nan ya rasu an yi husufin rana a Madina, mutane suka ce saboda mutuwarsa ne. Uban da ke cikin zafin rashi bai bar maganar ta wuce ba, ya tashi ya gyara musu cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Bukhari ya kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Rawaha ya taɓa suma, 'yar'uwarsa Amra ta ɗauka ya tafi, ta shiga kuka tana kiransa dutse, tana jero masa kirari. Da ya farfaɗo sai ya gaya mata cewa duk abin da ta faɗa sai da aka tambaye shi ko haka yake. Da ya yi shahada daga baya, ba ta yi masa irin wannan kukan ba. Akwai kuma Ummul Ala, wadda Usman ɗan Maz'un ya rasu a gidansu, ta ce ta shaida Allah ya girmama shi. Annabi ya tambaye ta yadda aka yi ta sani, sannan ya ce shi yana yi masa fatan alheri. In sahabi irin Usman fata aka yi masa, to ba mai jawabin da ke da hurumin ya ce wane ɗan Aljanna ne. Abin da muke da shi shi ne mu ce mun san shi da kaza, muna kyautata masa zato, Allah ya sa Aljanna ce makomarsa.

Godiya ita ce rabin jawabin da ake yawan tauyewa, alhali a mutuwar dattijo ita ce ta fi yawan abin faɗa. Rasuwar mai shekara 80 ba ɗaya take da ta saurayi ba. Akwai ciwo, amma akwai tsawon rai da aka gani, da jikoki, da aikin da aka kammala. Godiyar tana da hawa uku a ganina. Ta farko ga Allah da ya ba da aron mutumin tsawon wannan lokaci. Ta biyu ambaton alherin marigayin da roƙon Allah ya saka masa. Ta uku, wadda aka fi mantawa, ga waɗanda suka yi jinyarsa. Kusan kowane tsoho da ya daɗe a kwance akwai wata mace a bayansa, mata ko 'ya ko suruka, wadda ta yi watanni tana juya shi, tana wanke shi, tana dama masa kunu, tana kwana a zaune. Maza a rumfa sukan gode wa manyan baƙi da suka zo da motoci, su manta da ita. A ambace ta. In al'adar gidan ba ta son kiran sunan mace a lasifika, a ce iyayenmu mata da 'yan'uwanmu da suka yi jinya, kowa ya san wa ake nufi, ita ma ta sani. Haka maƙwabtan da suka riƙa aiko da abinci a kwanakin makoki. Sunna suka raya, domin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada Annabi ya umarci a dafa wa iyalinsa abinci saboda abin da ya same su ya shagaltar da su.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce tsohon hedimasta ne ya rasu yana da shekara 82, bayan jinyar shanyewar ɓarin jiki ta kusan shekara biyu. Ya bar mata biyu, 'ya'ya manya da ƙanana, da jikoki. Mutum ne mai zafi, duk wanda ya yi makarantarsa ya san bulalarsa, kuma akwai ƙaninsa da suka yi shekaru ba sa ga-maciji saboda gona. Daren jajiberin addu'ar uku sai babban ɗansa ya roƙi wani tsohon ɗalibin marigayin, wanda yanzu shi ma magidanci ne, ya yi magana da yawun ɗalibai.

Abu na farko da ɗalibin zai yi a daren nan shi ne tambaya. Ya tambayi babban ɗan: akwai bashi? Akwai ajiyar mutane a hannun Baba? Akwai abin da iyali ba sa so a taɓo? Wa da wa suka yi jinya? Ya tabbatar da shekarun marigayin da wuraren da ya yi aiki, domin kuskuren shekara ɗaya ya isa wani tsoho a cikin taro ya ɗaga murya ya gyara, hankalin jama'a ya watse. Sannan ya kira tsofaffin ɗalibai biyu ko uku ya ji abin da suka fi tunawa. Daga abin da ya tara ya zaɓi uku, ya rubuta kanunsu a 'yar takarda. Kada ya rubuta jawabin gaba ɗaya, domin mai karantawa idonsa na kan takarda, ba ya ganin fuskar waɗanda yake yi wa gaisuwa. Minti 5 zuwa 7 sun ishe shi. Rana tana dukan rumfa, tsofaffi suna zaune a tabarma, kuma akwai masu magana bayansa. Bayan sallama da salati, abin da zai faɗa yana iya zama kamar haka:

"Iyayena malamai, dattawan unguwa, iyayenmu mata da ke cikin gida, ina yi mana gaisuwa baki ɗaya. Ya muka ji da haƙuri? Allah ya jiƙan Baba, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa.

"An ce in yi magana da yawun waɗanda Baba ya koyar. Ba zan ɓoye muku ba, tun shekaranjiya in na biyo ta ƙofar gidan nan sai idona ya kai kan dakalin da yake zama. Na saba in durƙusa a wurin in gaishe shi, ya tambaye ni yara. Wannan ya wuce, kuma akwai ciwo. Amma Allah da ya ba mu shi, shi ya karɓi abinsa, ba mu da abin cewa sai godiya.

"Abin da na gani da idona zan faɗa. Shekarar da mahaifina ya rasu ina aji biyar, aka yanke shawarar a cire ni daga makaranta in kama tallan kawuna. Baba ya tako da ƙafarsa har zauren gidanmu bayan la'asar, ya zauna da kawuna har aka kira magariba. Ban san abin da suka tattauna ba. Na dai san washegari na koma aji, kuma sai da na girma na gane shi ya riƙa saya mini littafi. Daren jiya na kira abokaina, mutum biyu suka ba ni labari irin wannan a kan kansu, kuma ba wanda ya san na ɗan'uwansa sai jiya.

"Kowa ya san Baba ba ya wasa da latti. Da yawanmu nan mun sha bulalarsa. Amma mun shaida bai taɓa bambanta ɗan mai kuɗi da ɗan talaka a kan layi ba, nasa 'ya'yan ma tare muke shan ta. In akwai wanda zafinsa ya taɓa, a cikinmu ko a cikin dangi, ina roƙonsa don Allah ya yafe masa yau, kamar yadda muke fata a yafe mana ranar da aka ɗauke mu.

"Muna gode wa Allah da ya ba shi shekara 82, ya ga jikokinsa. Muna gode wa iyayenmu biyu da ke cikin gida da 'yan'uwanmu mata. Kusan shekara biyu Baba yana kwance, duk lokacin da muka shiga duba shi mun same shi fes, ɗakinsa fes. Mun san wannan ba da sauƙi yake samuwa ba. Allah ya saka muku da Aljanna, ya sa 'ya'yanku su yi muku fiye da haka. Maƙwabta da suka tsaya a kan gidan nan kwana uku, Allah ya bar zumunci.

"Iyali sun ce in sanar: duk mai bin Baba bashi, ko mai ajiya a wurinsa, ya ga babban ɗansa, ko a ɓoye ne. Wanda Baba yake bi shi ma ya zo ya faɗa. Mu kuma ɗalibansa mun yi magana a tsakaninmu, karatun ƙananan ƙannenmu biyu da suka rage a makaranta yana wuyanmu har su gama, in Allah ya yarda. Allah ya jiƙan Baba, ya raya abin da ya bari, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani."

A lura da inda baƙin cikin ya zauna. Ya zo da wuri, an ɗaure shi da abu guda da kowa ya sani, wato dakalin ƙofar gida, sannan aka wuce. Da an ajiye shi sai ƙarshe, da jama'a sun tashi da nauyi a ƙirji. Da an tsallake shi, da godiyar ta yi kama da ta wanda rashin bai dame shi ba. Labarin zuwa zaure kuma ya yi aikin da kalmar uban marayu ba za ta yi ba, kuma mai maganar ya tsaya a iyakar saninsa, bai ƙirƙiri abin da aka faɗa a zauren ba. Sirrin da ya tona nasa ne. Na abokansa bai kama suna ba, domin wanda aka taimaka a ɓoye yana da haƙƙin a bar shi a ɓoye, ga shi kuma yanzu kusan kowane jawabi akwai mai ɗaukarsa a waya.

Wurin da ya fi wuya shi ne zafin marigayin. Annabi ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar, saboda haka taron makoki ba wurin tonon laifi ba ne. Amma in mai magana ya ce Baba mutum ne mai sanyin hali wanda bai taɓa ɓata wa kowa ba, rabin rumfar sun san ba haka ba ne, kuma daga nan ba za su ƙara yarda da sauran shaidarsa ba. Hanyar da ɗalibin ya bi ita ce ya taɓo halin da kowa ya sani ta fuskar da yake da alheri a cikinta, sannan ya nemi yafiya a dunƙule. Bai ambaci gona ba, bai kalli ƙanin marigayin ba, amma ya buɗe masa ƙofa. In kuwa aibin mamaci babba ne, irin wanda ba shi da fuskar alheri, sai a yi shiru a kansa gaba ɗaya, a faɗi alherin da aka tabbatar ko da guda ɗaya ne, a yawaita roƙa masa gafara. Wanda aka roƙa ya yi magana alhali bai san wani alheri da zai iya shaida ba, ya taƙaita a kan addu'a. Addu'a ba ta buƙatar ya yi ƙarya.

Ya kuma ce iyayenmu biyu. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, ambaton ɗaya a bar ɗaya, ko yabon 'ya'yan wani ɗaki a manta da na wani, yana iya zama farkon rigimar da za ta kai gaban alƙali lokacin rabon gado. Ko da ɗaya ce ta fi ɗawainiya, lasifika ba wurin auna wannan ba ne. A gode musu tare, a bi ta da godiya ta musamman a cikin gida. Gadon kansa ba a taɓo shi, haka dalilin mutuwa. Maganar cewa asibiti sun yi sakaci, ko wane bai kawo kuɗin magani da wuri ba, ko jifa aka yi masa, ba ta da gurbi a nan. In akwai haƙƙi da za a bi, a bi shi bayan an share makoki.

Sanarwar bashi ba ƙarin bayani ba ce da ake liƙawa a ƙarshe don al'ada. Bukhari ya ruwaito cewa an kawo wa Annabi wata gawa, da ya ji akwai bashi a kanta kuma ba a bar abin biya ba sai ya ce sahabbai su sallace ta, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin sannan ya yi mata salla. Mutane da yawa suna jin kunyar zuwa gidan makoki su ce suna bin mamaci, musamman in dattijo ne mai daraja. Shi ya sa cewa ko a ɓoye ne take da amfani, kuma shi ya sa ake faɗin takamaiman wanda za a gani. Alkawarin da ɗaliban suka yi shi ma godiya ce da ta wuce baki. Bayan rasuwar Nana Khadija, Annabi yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da naman. Sai dai a nan akwai gargaɗi. Kada a yi alkawari a lasifika sai an riga an zauna an san wa zai ba da nawa. Gidajen marayu da yawa sun ji an ce mun ɗauki nauyinku a gaban jama'a, bayan arba'in ba su ƙara ganin kowa ba, kuma waɗanda da za su taimaka sun janye saboda sun ɗauka an riga an ɗauke nauyin.

Saura masu mayar da makoki dandalin kansu. Ana gane su da yawan ni: ni na kai shi asibiti, ni ya fi yarda da ni, ni ya kira ranar da zai cika. Wani kuma ɗan siyasa ne, zai fara da marigayin ya ƙare da jam'iyyarsa. Maganin wannan yana hannun iyali. Su zaɓi masu magana tun da dare, kada su wuce uku ko huɗu, su gaya wa kowa lokacinsa, su kuma ba wani dattijo da ake jin nauyinsa riƙon lasifikar, wanda zai iya cewa Allah ya saka da alheri, a yi fatiha, in magana ta fara kaucewa.

Kai kuma da aka zaɓa, kada tsoron rashin iya magana ya sa ka ƙi. Iyalin ba fasaha suke nema a wurinka ba, sun zaɓe ka ne don ka san mahaifinsu. Ka je ka tambaye su tun da dare, ka zo da abu biyu ko uku da ka gani da idonka, ka gode wa waɗanda suka yi jinya, ka sanar da bashi, ka yi addu'a ka zauna. Bayan an naɗe tabarmi an kwashe rumfa, ka riƙa leƙa gidan kana gaida iyayen da ke takaba, kana tambayar karatun yaran.